Yadda ake mayar da N·m zuwa lb-ft wajen ɗaure notin tayar mota

A littafin da ke zuwa da kowace mota akwai shafin da ke bayanin canza taya, kuma a wannan shafin ake rubuta iya ƙarfin da ya kamata a ɗaure notin taya da shi. A littafin Toyota Corolla da Camry na shekaru masu yawa, lambar ita ce 103 N·m. Matsalar da ake yawan cin karo da ita ita ce littafin ya ba da lambar a ma'auni ɗaya, sifanar awon da ke hannun bakanike ko mai faci kuma tana da wani ma'aunin daban, wato lb-ft. Lambobin biyu ba ɗaya ba ne. Wanda ya ɗauki 103 ya saita ta kai tsaye a kan sifana mai lb-ft ya ɗaure notin fiye da kima da sama da kashi ɗaya bisa uku.

Wannan ruɗani yana da yawa a Najeriya da Nijar saboda yadda motoci ke shigowa. Wata motar daga Amurka ta zo, wata daga Turai, wata daga ƙasashen Larabawa, kuma kayan aikin da ake sayarwa a kasuwa su ma haka suke a cakuɗe. Lissafin mayarwar bai wuce ninkawa ɗaya a kalkuletar waya ba. Abin da ke buƙatar kulawa shi ne sanin wace lamba ake ninkawa da ita, da yadda za a gane idan amsar ta fito ba daidai ba.

Mene ne ake aunawa?

Abin da ake aunawa shi ne ƙarfin murɗawa, wanda kanikawa ke kira tok. Abubuwa biyu ne ke haɗuwa su ba da shi: ƙarfin da aka danna da shi, da tsawon hannun sifanar daga tsakiyar noti zuwa inda aka riƙe. Ana ninka su da juna. Shi ya sa notin da ya gagari gajeriyar sifana yake kwancewa da zarar an zura mata bututun ƙarfe. Ƙarfin mutumin bai ƙaru ba, tsawon ne ya ƙaru.

A tsarin awo na ƙasa da ƙasa, ana auna ƙarfi da niyuton, tsawo kuma da mita. N·m ɗaya yana nufin an danna da niyuton ɗaya a ƙarshen sifana mai tsawon mita ɗaya. Niyuton ɗaya ƙarami ne ƙwarai, kusan nauyin abu mai giram 102 a tafin hannu, wajen rabin nauyin wayar zamani.

A tsarin Amurka kuwa ana auna ƙarfin da fam, wanda tsofaffi suka sani da laba, tsawon kuma da ƙafa, irin ƙafar da ake auna fulotai da ita idan an ce hamsin da ɗari. Don haka lb-ft ɗaya yana nufin nauyin fam ɗaya a ƙarshen sifana mai tsawon ƙafa ɗaya.

Za a ga an rubuta wannan ma'auni na biyu ta fuskoki da yawa: lb-ft, ft-lb, lbf·ft, ft·lbf. A maganar ɗaure noti duk abu ɗaya suke nufi, domin a ninkawa babu bambanci ko wace lamba ta zo farko.

Inda lambar mayarwa ta samo asali

Lambar da ake amfani da ita ba ƙiyasi ba ce. Tun shekarar 1959 ƙasashen da ke amfani da fam da ƙafa suka amince da cewa ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce cif, fam ɗaya kuma kilo 0.45359237 ne. Idan aka ninka wannan kilo da ƙarfin jan ƙasa da aka tsayar don lissafi, wato 9.80665, za a samu cewa nauyin fam ɗaya yana dannawa da niyuton 4.448. Sai a ninka ƙarfin da tsawon:

```
4.448 × 0.3048 = 1.356
1 lb-ft = 1.356 N·m
1 N·m  = 1 ÷ 1.3558 = 0.7376 lb-ft
```

Abin da wannan ke nunawa shi ne lb-ft ɗaya ya fi N·m ɗaya girma. Tunda ya fi girma, kaɗan daga cikinsa ne ake buƙata don a kai ƙarfi iri ɗaya. Kamar mutumin da zai biya kuɗi ne da 'yan dubu-dubu maimakon 'yan ɗari biyar-biyar: kuɗin ɗaya ne, amma takardun da zai ƙirga sun ragu. Daga nan ne ake samun ƙa'idar da ke kama yawancin kurakurai. Duk lokacin da aka mayar da N·m zuwa lb-ft, lambar da za ta fito dole ta fi ta farko ƙanƙanta. Idan ta fi ta girma, an juya lissafin.

Lissafin Corolla daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka littafin motar ya ce 103 N·m, sifanar awon kuma lb-ft ce kawai a jikinta. Ana buɗe kalkuleta a waya a buga:

```
103 × 0.7376 = 75.97
```

Wanda ya fi tuna lambar 1.356 zai iya rabawa da ita maimakon ninkawa, ya samu 75.96. Bambancin da ke tsakanin amsoshin biyu ya zo ne daga gutsure lambobin da aka yi, kuma ba shi da wani tasiri. Duka biyun ana zagaye su zuwa 76. Kamfanin Toyota shi ma 76 ft·lbf yake rubutawa kusa da 103 N·m a littattafan da ke ɗauke da ma'aunan biyu, don haka lissafin ya yi daidai da na masu motar.

Kafin a taɓa sifana, yana da kyau a koma da lissafin baya don tabbatarwa. Idan aka ninka 76 da 1.356 za a samu 103.06, wato an dawo inda aka fara. Wannan dubawar ba ta ɗaukar daƙiƙa goma, kuma tana kama kuskuren buga lamba, wanda ya fi kuskuren lissafi yawa a kan ƙaramin allon waya.

Haka ake yi wa sauran motoci. Honda Accord da Civic na shekaru da dama suna neman 108 N·m, wanda ke ba da 79.7, a zagaye shi zuwa 80. Volkswagen Golf 4 da 5 da 6 suna neman 120 N·m, wanda ke ba da 88.5, a saita 88 ko 89. Waɗannan misalai ne kawai na lissafi. Lambar da za a yi aiki da ita ita ce wadda ke cikin littafin motar da ake ɗaure wa taya, domin ko a kamfani ɗaya ƙaramar mota da babbar a-kori-kura ba su da lamba ɗaya.

Idan waya ta mutu a bakin hanya, ana iya yin lissafin da ka. A cire kwata daga lambar, sannan a rage ɗaya. Kwatan 103 ya kusa 26, idan aka cire shi saura 77, a rage ɗaya ya zama 76. Ga 120, kwata 30 ne, saura 90, a rage ɗaya ya zama 89. Wannan dabarar tana aiki ne domin 0.7376 ta kusa kashi uku bisa huɗu, ta gaza shi da kaɗan. Tana da amfani a lambobin notin ƙananan motoci, daga wajen 80 zuwa 150. A lambobin manyan motoci masu ɗaruruwan N·m, ragin ɗaya ba ya isa, sai an koma kalkuleta.

Yin amfani da waya ba tare da an ruɗe ba

Yawancin motocin da ake saya na hannu suna zuwa ba littafi. Kamfanoni da yawa suna ajiye littattafan motocinsu a shafukansu na intanet a tsarin PDF, ana sauke su kyauta idan an zaɓi samfurin motar da shekararta. Bayan an buɗe fayil ɗin, sai a danna alamar bincike a rubuta `torque` ko `wheel nut`. Littattafan Amurka wani lokaci `lug nut` suke rubutawa, na Volkswagen kuma `wheel bolts`, domin tayoyinsu da bolti ake ɗaure su maimakon noti. A tabbata shekara da samfurin sun dace da motar, kuma a duba ko an ba da lamba daban ga rim na ƙarfe da na alminiyom.

Don mayarwar, ana iya rubuta wannan a akwatin binciken Google:

```
103 newton meters to foot pounds
```

Rubuta sunan a cike ya fi taƙaita shi aminci. Dalili kuwa shi ne ƙananan haruffan nm a kimiyya suna nufin nanomita, wani ɗan mitsitsin ma'aunin tsawo wanda ake ambata idan ana bayanin furosesar waya. Wasu manhajojin mayar da awo idan aka rubuta musu nm sai su ɗauka tsawo ake nufi, su ba da amsar da ba ta da alaƙa da noti.

A manhajojin mayar da awo, wurin da za a nema shi ne sashen Torque. Wasu ba su da shi, sai sashen Energy, inda za a ga Joule da Foot-pound. A lissafi Joule ɗaya daidai yake da niyuton ɗaya sau mita ɗaya, don haka idan aka saka 103 a gurbin Joule za a samu 75.97 a gurbin Foot-pound. Ma'anar su a kimiyya ta bambanta, amma lambar ɗaya ce, kuma ita ake nema.

Mai gareji ko mai faci da ke karɓar motoci iri-iri zai fi samun sauƙi idan ya yi ɗan jadawali a Google Sheets ko Excel na waya. A rubuta sunan mota a layin A, lambar N·m a layin B, sannan a saka wannan a layin C a ja shi ƙasa:

```
=ROUND(B2*0.737562,0)
```

Wannan zai ninka ya kuma zagaye amsar zuwa cikakkiyar lamba. Idan wayar tana kan Faransanci, kamar yadda ake yawan samu a Nijar, waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta, don haka za a rubuta 0,737562 sannan a raba sassan umarnin da `;` maimakon waƙafi, a Excel kuma a rubuta `ARRONDI` maimakon `ROUND`.

Kurakurai huɗu da yadda ake gane su

Na farko shi ne ɗaukar lambar littafi a saita ta a ma'aunin da ba nata ba. Idan aka saita 103 a kan sifana mai lb-ft, ainihin ƙarfin da notin zai samu shi ne 140 N·m, wato ƙari na kusan kashi 36 cikin ɗari. Idan aka yi akasin haka, aka ɗauki 76 daga littafin Amurka aka saita a sifana mai N·m, notin zai samu ƙasa da abin da ake buƙata da kusan kashi 26 cikin ɗari. Wannan na biyun ya fi haɗari, domin taya ce da ba ta ɗauru ba za a hau titi da ita. Maganin shi ne a karanta haruffan da aka zana a jikin sifanar kusa da lambobin kafin a murɗa komai.

Na biyu shi ne juya lissafin, a ninka da 1.356 a inda ya kamata a raba. Amsar za ta fito 139.7. Idan aka saita wannan a matsayin lb-ft, notin zai samu kusan 190 N·m, ya doshi ninki biyu na abin da littafi ya ce. Ƙa'idar da aka ambata a sama ce ke kama shi: 139.7 ta fi 103 girma, don haka ba za ta zama amsa ba.

Na uku shi ne rikita lb-ft da lb-in. Ƙafa ɗaya inci 12 ce, don haka lb-in ya fi lb-ft ƙanƙanta sau 12. Ƙananan sifanonin awo na aikin babur da ƙananan boltin inji da lb-in ake yi musu lamba. Wanda ya saita 76 a irin wannan sifana ya ɗaure notin da abin da bai kai 9 N·m ba, ɗaurin da bai fi na ƙaramin boltin murfin inji ba. A manhaja ma sunayen biyu suna zuwa kusa da juna a jeri, yatsa yana iya taɓa wanda ba shi ba. Idan amsar 103 N·m ta fito wajen 912, lb-in aka zaɓa.

Na huɗu shi ne cin karo da wani ma'auni na uku. Littattafan motocin Japan sukan ƙara kgf·m, wanda ɗayansa ya kai 9.81 N·m. Shi ya sa ake ganin 10.5 kgf·m kusa da 103 N·m a littafin Toyota. Littattafan gyaran motocin Faransa irin su Peugeot kuwa sukan yi amfani da daN·m ko m.daN, wanda ɗayansa 10 N·m ne cif. Alamar su ita ce ƙanƙantar lambar. Idan littafin ƙaramar mota ya ba da lambar notin taya wajen 9 ko 10 ko 11, ba N·m ba ne. A fara mayar da ita zuwa N·m tukuna, sannan a ninka da 0.7376. Misali 10 daN·m shi ne 100 N·m, wanda ya zama 74 lb-ft.

Saita lambar a jikin sifana

Sifanar awon da aka fi samu ita ce mai ƙara, wadda ke yin ƙas idan an kai ƙarfin da aka saita. A jikin sandarta akwai lambobi goma-goma, a mariƙinta kuma akwai ƙananan lambobi daga 0 zuwa 9 da suka zagaye shi. Don saita 76, ana kwance makullin da ke gindin mariƙin, a murɗa shi har bakinsa ya zo kan layin 70 kuma sifilin mariƙin ya daidaita da dogon layin da ke tsakiyar sanda. Daga nan a ci gaba da murɗawa har lamba 6 ta zo kan wannan layin. Saba'in da shida sun ba da 76. Sai a mayar da makullin.

Sifanoni da yawa suna da ma'auni biyu, lb-ft a gefe ɗaya, N·m a ɗaya gefen. Wannan yana sa mutum ya ɗauka ba ya buƙatar lissafi, amma akwai tarko a ciki. Ƙananan lambobin mariƙin galibi na ma'auni ɗaya ne kawai. Ana gane wanne ne ta hanyar duba lambobin sandar. Gefen da ke da cikakkun lambobi irin 70, 80, 90 shi ne na asali. Ɗaya gefen zai nuna lambobi masu gutsure irin 94.9 da 108.5, waɗanda fassarar 70 da 80 ce kawai. A irin wannan sifana kowane zane a mariƙi lb-ft ɗaya ne, wato 1.36 N·m. Wanda ya tsaya a 94.9 ya ƙara zane 8 yana zaton ya kai 103, a gaskiya ya saita 78 lb-ft, wato kusan 106 N·m. Kuskuren a nan ƙarami ne, amma yana nuna dalilin da ya sa ya fi kyau a mayar da lambar zuwa ma'aunin asali na sifanar a yi aiki da shi.

Game da zagaye lamba, babu abin damuwa. Irin waɗannan sifanoni yawanci ana yin su da sassaucin kashi 4 cikin ɗari sama ko ƙasa. A kan 76, wannan ya kai wajen 3 lb-ft. Don haka bambancin 75.97 da 76, ko 88 da 89, ya ɓace a cikin sassaucin kayan aikin kansa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne lambar ta faɗo a cikin zangon da sifanar ke aiki da kyau, domin a can ƙasan ma'auninta ba ta cika daidai ba. Sifana mai bakin rabin inci da ke kaiwa 150 lb-ft ta dace da notin ƙananan motoci.

Abin da lambar ke nufi a hannu

Yana da amfani a san nauyin 103 N·m a zahiri. Sifanar taya da ke zuwa da mota tsawonta wajen santimita 30 ne. Idan tana kwance a miƙe, aka ɗora nauyin kilo 35 a ƙarshenta, lissafin zai zama 35 sau 9.81 sau 0.3, wanda ya ba da 103. Ke nan ƙarfin da Corolla ke nema bai wuce rabin nauyin matsakaicin mutum a kan wannan gajeriyar sifana ba.

Yanzu a duba abin da ake yawan gani a wurin masu faci. Mutum mai kilo 70 idan ya taka ƙarshen wannan sifana da dukkan nauyinsa, ya ba notin 206 N·m, ninki biyu cif, tun kafin ya fara tsalle a kai. Idan aka zura bututu mai tsawon mita ɗaya aka taka, lambar ta haura 680 N·m. Bindigar iska ta ɗaure noti ita ma tana wuce lambar littafi cikin daƙiƙoƙi kaɗan idan aka bar ta tana bugawa.

Ɗaurin noti yana aiki ne ta hanyar ɗan miƙar da boltin da ke jikin mota, kamar roba mai tauri, shi kuma boltin ya jawo rim ya manne shi da mazauninsa. Injiniyoyi sun zaɓi lambar ne don boltin ya miƙe iya yadda zai koma daidai idan an kwance. Idan aka wuce iyaka, ƙarfen yana miƙewa ya ƙi komawa, zarensa ya lalace, wata rana ya karye, ko lokacin kwancewa ko a kan hanya. Alamun wuce kima su ne notin da ke ƙin shiga da hannu bayan an tsabtace shi, da boltin da ya sirance a tsakiya, da notin da direba ya kasa kwancewa da sifanar motarsa ranar da taya ta yi faci a daji. Ɗaurin da bai daidaita ba, wani noti ya matse sosai wani bai matse ba, yana iya sa faifan birki ya zauna a karkace, sai a riƙa jin sitiyari na rawa idan an taka birki.

Idan kuma ɗaurin ya gaza, rim yana samun damar motsi kaɗan-kaɗan a kowane juyi. Da farko ana jin ƙwanƙwasa ko kaɗawa da ke canzawa da gudun mota. Idan aka ci gaba da tafiya, ramukan rim suna buɗewa su zama kamar ƙwai, notin su ci gaba da kwancewa, har taya ta fita.

Yadda ake ɗaurewa don lambar ta yi aiki

Lambar littafi an yi ta ne don zare mai tsabta kuma busasshe. Shafa giris ko baƙin mai a kan bolti yana rage gogayya, sai ƙarfin murɗawa iri ɗaya ya miƙar da boltin fiye da yadda aka tsara, ko da sifana ta yi ƙara a kan 76 daidai. Tsatsa da yashi kuma akasin haka suke yi, suna cinye ƙarfin kafin ya kai ga matse rim. Goge zaren da burushin waya ya isa, sai fa idan littafin motar ya faɗi wani abu daban.

Ana fara saka kowane noti da hannu ya yi juyi da yawa, don a tabbata bai hau zare a karkace ba. Sai a matse su kaɗan yayin da motar ke kan jak, a sauke ta har tayar ta taɓa ƙasa, sannan a ɗauko sifanar awo. A taya mai noti biyar ana bin tsarin tauraro, wato a ɗaure ɗaya, a tsallake na kusa da shi a tafi na gaba, har a zagaye. A mai noti huɗu ana yin gicciye. Ana riƙe sifanar a tsakiyar mariƙinta, a ja a hankali ba tare da fizga ba, a tsaya da zarar ta yi ƙara sau ɗaya. Ƙara ja bayan ƙarar yana wuce lambar da aka saita.

Akwai wani abu da ke yaudarar mutane da yawa. Idan an riga an ɗaure noti da bindigar iska ko da taku, sannan aka ɗora sifanar awo a kai, za ta yi ƙara nan take ba tare da notin ya motsa ba. Wannan ƙarar tana nuna cewa notin ya kai 76 ko ya wuce, amma ba ta faɗin da nawa ya wuce. Notin da ke kan 150 ma haka zai sa ta yi. Hanyar tabbatarwa ita ce a sassauta notin, sannan a sake ɗaure shi da sifanar awon, a ga yana juyawa kafin ƙarar ta zo.

Bayan an gama, ana mayar da sifanar kan lambarta mafi ƙanƙanta kafin a ajiye, domin sifirin da ke cikinta kada ya gaji ya riƙa ba da awon ƙarya. Ba a kwance noti da ita, wannan aikin sifanar taya ce ta yau da kullum. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 kuma yana da kyau a sake bin notin da ita a kan lambar nan, musamman idan rim na alminiyom ne ko sabo ne, domin yakan ƙara zama a mazauninsa bayan an fara tafiya.

Mai mota zai iya rage wa kansa maimaita lissafin ta hanyar rubuta lambobin biyu tare da ma'auninsu, misali 103 N·m = 76 lb-ft, a manhajar rubutu ta waya ko a 'yar takarda da za a liƙa kusa da safayar taya. A rubuta haruffan ma'aunin tare da lambar ko da yaushe, domin wanda zai karanta takardar wata rana yana iya zama mai facin da bai taɓa ganin littafin motar ba, kuma sifanarsa tana iya zama ta kowanne daga cikin ma'aunan biyu.